Shinkafar baba ta kusa yanka, manaja kuma ba ya son jin maganar gona

Assalamu alaikum Malam. Ni ne mai kula da sito a wani kamfanin sayar da kayan gini, shekarata huɗu a wurin, kuma Litinin zuwa Juma'a muke aiki. An yi wa mahaifina aiki a ƙafa, bana ba zai iya tsayawa a kan girbi ba, ƙannena kuwa duk yara ne. Shinkafa ce hekta biyu, makon jiya ta fitar da kai. Kwana 10 ne suka rage mini a hutun shekara, amma ina ganin sai na yi mako uku. Matsalar ita ce bara wani abokin aikinmu ya nemi mako biyu na girbi ya je ya yi wata guda, tun daga nan manaja ya tsani wannan magana. Ga shi kuma kowane ƙarshen wata muna ƙidayar kaya. Wasu sun ce in ce masa jikin baba ne ya tashi, ba zai hana ba. Yaya zan rubuta takardar? Ina tsoron rasa aikina, ina kuma tsoron shinkafar ta zube.

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya ba baba lafiya, ya sa kaffara ne, kai kuma ya yi maka albarka.

Ka ajiye shawarar da aka ba ka ta cewa jikin baba ne ya tashi. Kada ka yi. Uba ba abin da ake yi wa fatan ciwo ba ne ko da a baki, kuma girbi ba ya ɓoyuwa: za ka dawo rana ta ƙona ka, hannunka da kanta, wani a wurin aiki ya riga ya san gona ka je. Ranar da manaja ya gane, ba wannan hutun kaɗai ka ɓata ba, duk wani uzuri na gaskiya da za ka kawo nan gaba sai ya sa masa alamar tambaya. Gaskiyarka ma ta fi ƙaryar ƙarfi. Mahaifi yana jinya, amfanin gona ya kusa nuna, babu babba a gida sai kai. Babu abin kunya a ciki.

Na yi shekaru ina zaune a teburin da irin waɗannan takardu suke zuwa, kuma abin da na lura shi ne, mai sa hannu ba kasafai yake tsayawa a kan dalilin tafiya ba. Idonsa kan wuce kai tsaye zuwa abu biyu: yaushe wannan mutum zai dawo, kuma wa zan kira idan mota ta kawo kaya ranar Talata da safe ba ya nan? Manajanka ba gona ya tsana ba. Bara an bar shi mako biyu yana jiran mutumin da bai ce masa komai ba, shi ya sa yanzu da ya ji an ce girbi sai ya tuna wancan jiran. Takardarka za ta yi aiki ne idan ta amsa waɗannan tambayoyi biyu tun kafin ya buɗe baki.

To amma ranar dawowa ba a tebur ake ƙirƙiro ta ba, a gona ake samo ta. Nan ne yawancin mutane suke zamewa. Sai mutum ya rubuta mako biyu don ya ga shi ne za a fi saurin amincewa da shi, ya isa gida ya tarar shinkafar ma ba ta isa yanka ba, ya zauna kwana shida yana kallonta, hutu ya ƙare aiki na tsaka. Ina kyautata zaton abin da ya faru da abokin aikinka ke nan, ba lallai mugun nufi ya yi ba.

Saboda haka yau ɗin nan ka kira gida. Ka tambayi baba, ko wanda yake leƙa masa gonar, wace rana ce kusan rabin gonar ya fitar da kai. Shinkafa takan isa yanka bayan wata guda zuwa kwana 35 ko ɗan fiye da haka daga wannan lokaci, gwargwadon iri da yanayi. A ce an gaya maka 10 ga Satumba. Ka ƙirga, za ka faɗa tsakanin 10 zuwa 15 ga Oktoba ko ɗan bayan haka. Wannan shi ne tagar da kake nema. Alamar da za ta tabbatar maka idan lokacin ya matso ita ce a ga kamar ƙwaya takwas cikin goma a zangarniya sun koma ruwan ƙasa-ƙasa irin na busasshen haki, kuma idan aka gatsa ƙwayar ƙasan zangarniya a ji ta yi tauri, babu sauran ruwa-ruwa a cikinta, amma ba ta kai ga fashewa ƙas ba. Masana sukan ce a wannan lokaci danshin ƙwayar yana tsakanin kashi 20 zuwa 25 cikin 100. Idan aka yi gaggawa aka yanke ta da sauran kore, za a sami ƙwaya da yawa da ba ta cika ba, kuma ta yi ta karyewa a injin. Idan aka yi jinkiri, ta bushe a tsaye, sai ta riƙa kakkaɓewa da an taɓa ta, tsuntsu da ɓera su ɗauki rabonsu, wadda ta kwanta a ƙasa kuma ta lalace. Tsoron da kake ji na zubewa gaskiya ne, kuma shi ne dalilin da za ka ba manaja na cewa wannan hutu ba ya ɗaguwa zuwa Disamba.

Tambaya ta biyu ga baba: bara mutum nawa suka yi yanka, kwana nawa suka ɗauka? Kada ka yi kintace, shi ya san gonarsa. A ce ya ce maka mutum shida, kwana huɗu. Yanzu sai mu jera kwanakin.

Ka tashi aiki Juma'a 10 ga Oktoba. Asabar 11 kana hanya. Lahadi 12 ka zaga gonar da ƙafarka, ka tabbatar da masu yanka, ka ga tamfol da buhuna sun samu, ka kama layin injin bugu idan da shi za a yi. Litinin 13 zuwa Alhamis 16 yanka, ana yi ana bugewa a baya, domin shinkafar da aka yanke ba ta son a tara ta da danshi. Abin da aka fi so shi ne a buge ta a fara shanya cikin kwana guda da yankewa. Idan aka jibge ta aka bar ta, ka cusa hannu cikin tarin ka ji ɗumi, to ta fara ɓaci ke nan: ƙwayar za ta yi rawaya, ta ɗauki wari, darajarta ta faɗi. Juma'a 17 a ƙarasa bugu da shiƙa. Daga nan sai shanya, a baza ta a tamfol kaurin yatsa biyu, ana juyawa akai-akai, har sai ta sauko zuwa danshin kashi 14 ko ƙasa, wanda a baki za ka gane shi da ƙwayar ta fashe ƙas a haƙori. Idan rana ta yi kyau kwana biyu zuwa uku sun ishi kowane kashi, amma tunda tamfol ba zai ɗauke ta duka a lokaci guda ba, ka ba shanya har Talata 21. Laraba 22 a ɗura a buhu, a ɗinke, a ƙirga a gabanka, a kwaso zuwa ma'ajiya, a jera a kan katako kada buhu ya taɓa ƙasa ko bango. Alhamis 23 da Juma'a 24 ka bar su fanko. Asabar 25 ka kamo hanya, Lahadi 26 ka huta a ɗakinka, Litinin 27 ga Oktoba kana bakin sito da makulli a hannu.

Ka ƙirga kwanakin aikin da ka ci: 13 zuwa 17 biyar, 20 zuwa 24 biyar. Goma cif. Amma da Asabar da Lahadi uku da suka kewaye su, kwana 16 ka samu. Kana ganin ba sai ka nemi mako uku ba, kuma ka dawo da sauran kwana huɗu kafin ƙidayar Juma'a 31. Wannan kaɗai ya sauya fuskar takardarka, daga roƙon alfarma zuwa neman hutun da dama haƙƙinka ne. Sai dai ka duba takardar ɗaukarka aiki ko littafin dokokin ma'aikata, ka tabbatar kwanakin aiki ake ƙirgawa. Akwai wuraren da suke haɗawa da Asabar da Lahadi, kuma idan naku haka ne lissafin zai canza, sai ka nemi ragowar a matsayin hutun da ba albashi, ka faɗi hakan da bakinka a cikin takardar.

Kwana biyun nan da na ce ka bari fanko, don Allah kada ka cika su da komai. Su ne za su cece ka. Ruwan ƙarshen damina yakan faɗo ba sallama ya tsayar da shanya kwana guda. Mai injin yakan ce gobe ya zo jibi. Cikin masu yanka shida biyu su tafi gonar wani. Idan ka tsara komai ƙyas-ƙyas ba sarari, matsala ɗaya ta isa ta tura ka ka wuce ranar da ka yi alkawari. Idan kuma komai ya tafi daidai, ka zauna da baba kwana biyun nan, ya fi kowa buƙatarsu.

Watakila kana mamakin ina sayarwa take a jerin nan, ina gyaran rumbu, ina biyan waɗanda ake bi bashi. Da gangan na cire su. Ba lebura za ka je yi ba, ido za ka je zama a lokacin da amfanin yake fili, daga lauje zuwa buhu, domin a nan ne asara take faruwa kuma a nan ne buhu yake ɓata. Da zarar ta bushe an ɗinke an kulle, shinkafa za ta jira. Baba yana iya yin ciniki daga kan gadonsa, kai ma kana iya dawowa wata Asabar. Yawancin waɗanda suka wuce ranar dawowa ba yanka ne ya riƙe su ba, ƙananan hidimomin da suka biyo baya ne, kowace tana cewa tunda kana nan.

Saura ɗaya a maganar kwanaki. Shinkafa ba ta san kalanda ba, tana iya jinkirta mako guda. Shi ya sa za ka gaya wa manaja cewa zuwa Juma'a 3 ga Oktoba za ka tabbatar masa da ranar tafiya, domin a lokacin wanda yake gonar zai iya ganin inda ta dosa. Idan ta ja baya, sai ka fara hutu Litinin 20, ka dawo aiki Alhamis 30, kwana ɗaya kafin ƙidaya, ka ci kwana takwas maimakon goma, ƙarshen shanya da ɗinki kuma ka bar wa wani amintacce a gida. Ta kowace hanya ƙidayar kaya da kai za a yi. Wannan jimla ita ce za ta fi kwantar masa da hankali a duk takardar.

Yanzu sito. A aikinka ba a cewa abokan aikina za su kula. Sito wuri ne na makulli da lissafi, idan buhun siminti goma suka ɓata a bayanka, sunanka ne a littafi. Don haka tsarin riƙon ƙwarya kariya ce gare ka kafin ma ya zama kwanciyar hankali ga manaja.

Ka fara da mutumin, tun kafin ka rubuta sunansa. Ka same shi ku biyu, ka gaya masa kwanakin, ka ji ya amince da bakinsa. Na taɓa ganin takarda mai kyau ta mutu a kan tebur saboda an kira wanda aka ce zai riƙe aikin, ya ce shi yanzu yake ji. Ka kuma gaya masa abin da za ka yi masa idan nasa hutun ya zo, domin kwana goma da aikin mutum biyu ba ƙaramin nauyi ba ne. Ka zaɓi wanda ya riga ya san kayan, ya san bambancin rodi mai kauri kaza da kaza ba sai ya duba takarda ba, ko da ba shi ne abokinka na kusa ba.

Sannan ka zauna ka rubuta abin da hannunka yake taɓawa a mako biyu na yau da kullum: buɗewa da rufewa, karɓar kaya daga mota da duba su da takardar da ta rako su, fitar da kaya bisa takardar da aka sa wa hannu, shigar da komai a littafi ko a kwamfuta, da sanar da ofis idan wani kaya ya kusa ƙarewa. Kowanne ka sa wanda zai yi. Abin da za ka iya gamawa kafin tafiya ka gama shi. Idan ka san fenti ko ƙusa sukan ƙare a tsakiyar wata, ka rubuta odarsu tun makon farko na Oktoba, su iso kana nan. Ka tambayi ofis waɗanne motoci ake sa ran zuwansu tsakanin 13 da 24, ka rubuta wa mai riƙon ƙwarya ranakun. Ka kuma shata masa iyaka: ba ya fitar da kaya ba takarda ko wane ne ya zo, kuma duk abin da ya shafi bashi, ko mayar da kaya, ko kayan da suka zo a lalace, manaja zai kai wa.

Makon 6 zuwa 10 ga Oktoba ka bar shi ya riƙa gudanar da siton kana tsaye a gefe. Duk tambayar da ya yi maka a wannan mako, ka rubuta amsarta a takardar miƙa aiki, domin ita ce tambayar da zai kira ka a kanta kana tsakiyar gona. Ranar Alhamis 9 ku ƙirga kayan da suka fi tsada da waɗanda suka fi fita, ku biyu, ku rubuta adadin, ku sa hannu, a kai wa manaja kwafi. Ranar da ka dawo ku sake ƙirga su kafin ka karɓi makulli. Wasu suna jin nauyin yin haka, wai kamar rashin yarda ne. Ka gaya masa shi ma tana kare shi: idan akwai gibin da ya riga ya kasance kafin ya karɓa, ba za a ɗora masa ba. Makulli ma a rubuce za a miƙa shi, guda nawa, na wace ƙofa. Idan kuma da kwamfuta kuke shigar da kaya, kada ka ba shi kalmar sirrinka. Ka nemi ofis su buɗe masa tasa, domin duk abin da aka shigar da sunanka kai za a tambaya.

Game da waya, kada ka yi alkawarin za a same ka kowane lokaci. A gona sabis yakan ɗauke, caji yakan ƙare, kuma mai tsaye a kan masu bugu ba ya jin ƙarar waya. Ka ba da lokaci ɗaya da ka san za ka iya riƙewa, kamar ƙarfe takwas zuwa tara na dare, ka ƙara da lambar wani a gida don gaggawa. Alkawari ƙarami da ka cika kullum ya fi maka amfani a wurin mutumin da aka taɓa bari yana kira ba a ɗauka.

Ga yadda takardar za ta kasance. Ka rubuta ta da harshen da ake aiki da shi a wurinku, tsarin ɗaya ne, kuma kada ta wuce shafi guda.

15 ga Satumba

Zuwa ga Manaja,

Neman hutun shekara na kwana 10, daga 13 zuwa 24 ga Oktoba

Ranka ya daɗe, ina neman izinin tafiya hutun shekara na kwanakin aiki 10, daga Litinin 13 zuwa Juma'a 24 ga Oktoba. Zan dawo bakin aiki ranar Litinin 27 ga Oktoba da safe. Waɗannan su ne kwanakin da suka rage mini a hutun bana.

Dalili shi ne an yi wa mahaifina aiki a ƙafa, ba zai iya tsayawa a kan girbin shinkafar gidanmu ba, kuma babu wani babba sai ni. Shinkafar za ta isa yanka a tsakiyar Oktoba, idan aka wuce lokacin tana zubewa. A cikin kwanakin da na nema na riga na ware biyu saboda ruwa ko wani jinkiri.

Malam Wane ya amince zai riƙe sito a bayana. Zai fara gudanar da shi a gabana daga 6 zuwa 10 ga Oktoba. Ranar 9 za mu ƙirga manyan kaya tare mu sa hannu, in kawo maka kwafi tare da takardar miƙa aiki da jerin makullai. Zan rubuta odar kayan da suka kusa ƙarewa kafin in tafi. Maganar bashi da mayar da kaya wurinka zai riƙa kawowa. Za a same ni a waya kullum daga ƙarfe 8 zuwa 9 na dare.

Zuwa Juma'a 3 ga Oktoba zan tabbatar maka da ranar tafiya. Idan girbin ya ja baya da mako guda, zan nemi in fara ranar 20 in dawo ranar Alhamis 30. Ko ta yaya, da ni za a yi ƙidayar kaya ta ranar 31.

Ina roƙon amsarka a rubuce kafin 26 ga Satumba, don in sami damar tsayar da masu yanka. Na gode.

Sai sunanka, muƙaminka, da sa hannu. A ƙasa ka bar layi ɗaya inda Malam Wane zai sa hannu cewa ya amince, inda na rubuta Wane kuma ka sa cikakken sunansa.

Ka lura ranar dawowa tana cikin sakin layi na farko, da sunan ranar da kwanan watan. Ba a rubuta bayan an gama girbi, ko cikin mako biyu in an samu hali, domin irin wannan lafazi shi ne ya ƙona manajanka bara. Dalili kuma jimla uku ya ɗauka. Ba sai ka ba da tarihin ciwon baba ba, ko yawan bakin da suke ci daga gonar. Kuma kada ka ambaci abokin aikin nan ko da a kaikaice, kada ka ce ni ba zan yi kamar wane ba. Manaja zai yi wannan kwatancen da kansa idan ya karanta, kai kuma ba ka ci naman ɗan'uwanka ba.

Kafin ka miƙa, ka same shi baki da baki a lokacin da ba ya cikin hayaniya, ka gaya masa a taƙaice, sannan ka ajiye takardar. Idan kuna da fom na hutu ka cike shi ka maƙala ta a baya. Ka yi haka a makon nan, tunda saura mako huɗu, domin tun ranar gini ake zane. Ka riƙe kwafi da aka buga wa hatimin karɓa ko aka sa wa hannu da kwanan wata. Kuma kada ka hau mota a kan ba komai, je ka kawai da aka faɗa maka a tsaye a bakin ƙofa. Sai ka ga sa hannu, ko aƙalla saƙo a rubuce. Wurare da yawa suna da doka cewa wanda ya yi wasu kwanaki ba ya aiki ba tare da izini ba ana ɗaukarsa ya bar aiki da kansa, kuma izinin baki ba ya da shaida idan rai ya ɓaci. Ka duba kwana nawa ne a naku littafin.

Ka san kuma matsayinka, don kada ka shiga da rawar jiki, kada kuma ka shiga da gadara. Hutun shekara haƙƙin ma'aikaci ne, amma lokacin tafiyarsa galibi mai aiki ne yake da ta cewa. Ko Yarjejeniya mai lamba 132 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta shekarar 1970, wadda ta yi magana a kan hutu mai albashi, cewa ta yi mai aiki ne zai tsayar da lokacin bayan ya tuntuɓi ma'aikaci, ana duba buƙatar aikin. Abin da zai yi hukunci a kanka kai tsaye shi ne dokar ƙasarka da takardar ɗaukarka aiki. Wato kwana goman naka ne, amma sanya su a tsakiyar Oktoba sai da yardarsa, shi ya sa takardar take neman izini cikin ladabi ba tare da ta yi bara ba.

Idan ya ce a'a, kada ka tashi da fushi, kada kuma ka yi shiru ka fita. Ka tambaye shi wane ɓangare ne ya dame shi. Idan mutumin da ka zaɓa ne bai kwanta masa ba, ya zaɓi wani, ka koya masa. Idan tsawon ne, ka sauko zuwa kwanakin da ba su da makawa: 13 zuwa 17, yanka da bugu, wanda da Asabar da Lahadin gaba da baya ya ba ka kwana tara. Shanya da ɗinki sai ka ɗora wani dattijo amintacce daga dangi a kai, ka ƙirga abin da aka buga kafin ka taho don ka san kimanin buhun da za a samu. Wannan bai kai na farko daɗi ba, amma shinkafar ta bar gona, aikinka kuma yana nan.

Idan kuma kana can abu ya cije, ruwa ya yi kwana uku ko injin ya ƙi zuwa, ranar Laraba 22 ita ce ranar da za ka duba gaskiya. Idan ka ga ragowar aikin ya fi ƙarfin kwana biyun da ka ajiye, shawarata ita ce ka miƙa ragowar ga wanda ka amince da shi ka taho ranar Asabar yadda ka ce. Gonar nan za ta sake nuna baɗi, kuma wataƙila baɗin ma kai za a nema, a gaban wannan manajan za ka sake tsayawa da takarda. In har tahowar ba za ta yiwu ba sam, misali jikin baba ne ya motsa da gaske, to a ranar Larabar ka kira manaja da kanka, ka biyo da saƙo a rubuce mai ɗauke da sabuwar rana guda ɗaya, ka kuma kira mai riƙe maka sito ka ji ko zai iya ƙarawa. Kada ka bari sai daren Lahadi.

Ka gaishe mini da baba da jiki. Idan ka kira gida yau, ka tambayi ranar fitar kai da kwanakin yankan bara, ka kuma ce a fara neman tamfol tun yanzu, don idan kaka ta kama kowa nemansa yake yi.